Kirari Ba Ya Jawo Injiniya

Dillalan aiki a harkar manhaja sun yi imani cewa yawan saƙo shi ne riba: a rubuta wasiƙa ɗaya, a cika ta da "haziƙi" da "gwani na gwanaye", a watsa wa mutum ɗari a LinkedIn, ko biyu za su amsa. Ban yarda ba. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon wanda bai san aikinka ba raini ne, kuma tun layin farko injiniya yake gane shi.

Masu ɗan ƙoƙari sukan leƙa GitHub su tsinci sunan wani aiki su liƙa a saƙon. Nan ma sukan yi tuntuɓe, domin sau da yawa a ƙarƙashin sunan an rubuta `forked from`, wato kwafin aikin wani ne, mai shafin wataƙila ko layi ɗaya bai ƙara ba. Koren akwatunan shafin kuwa yawan motsi suke nunawa, ba nauyin aiki ba. Wannan rashin sani ya yi katutu: a 2020 Sebastián Ramírez ya ga tallar aiki mai neman gogewar shekara huɗu a FastAPI, alhali shi da ya ƙirƙiro ta shekara ɗaya da rabi ke nan da yin hakan.

Ga abin da ya kamata. A akwatin bincike na GitHub ka rubuta:

```
is:pr is:merged author:SUNANSA
```

Wannan zai fito da gyare-gyaren da injiniyan ya gabatar aka kuma karɓa. Ka zaɓi ɗaya, ka karanta bayaninsa da muhawarar da aka yi a kansa.

A ce wata injiniya a Kano ta gyara matsalar cire kuɗi sau biyu. Sabis ya yanke, manhaja ta sake tura buƙatar biya, aka caji mutum sau biyu. Sai ta sa kowace buƙata ta riƙa tafiya da `Idempotency-Key`, ta yadda maimaici ba zai zama sabon biya ba. Saƙon da ya dace da ita shi ne: "Malama, na karanta gyaran da kika yi kan cire kuɗi sau biyu. Irin wannan matsala ce ke damun mu wajen tura kuɗi tsakanin bankuna. Ga albashin, ga matakan ganawa, kuma ana iya yin aikin daga gida." Babu kirari ko ɗaya, amma ta san an karanta aikinta.

Za a ce dillali ba injiniya ba ne, kuma lokaci ya yi kaɗan. To, ya zauna da shugaban injiniyoyin kamfanin su karanta tare, ya rage yawan waɗanda zai tuntuɓa. Injiniyan da duk aikinsa a rufe yake a kamfani, a tambaye shi kai tsaye me yake ginawa. Dillalin da ya kasa karanta gyara ɗaya bai cancanci roƙon mutum ya bar aikin da ke ciyar da iyalinsa ba.