Jawabin kama aiki: kada mu rubuta wa shugaban ɗalibai bashin da ba zai iya biya ba



Duk wanda aka san yana riƙe alƙalami a makaranta, wata rana sai an kawo masa wannan aiki. An gama zaɓen ƙungiyar ɗalibai, abokinsa ya ci, gobe rantsuwa, a taimaka da jawabi. Yawancinmu mukan zauna mu jera kalmomi masu daɗin ji, a yi tafi a watse. Ra'ayinmu shi ne wannan jawabi takardar bashi ce. Duk abin da muka sa a bakin shugaba, da shi za a tare shi a hanyar aji bayan wata shida. Saboda haka aikin marubuci na farko shi ne tace alkawura, gyaran jimla ya biyo baya.

Mu ɗauki Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Shugaban ɗalibai a irin wannan makaranta shekarar karatu ɗaya gare shi, wato zango biyu, kowanne da kusan mako 15 na darasi. In aka cire jarrabawa da hutu, abin da ke hannunsa bai wuce mako 30 ba, kuma shi ma ɗalibi ne mai nasa karatu. Wanda ya san wannan lissafi ba zai rubuta alkawari goma sha biyu ba. Uku ko huɗu sun isa.

Kafin mu rubuta komai, mu zaunar da shi mu raba abin da ya faɗa lokacin kamfe gida uku: abin da ke hannunsa, abin da zai roƙa, da abin da ya fi ƙarfinsa. Kowane gida da irin maganar da ta dace da shi.

Abin da ke hannunsa shi ne kuɗin ƙungiya. A nan kaɗai yake da ikon cewa "za mu yi". Mu ƙaddara, don misali kawai, ɗalibai 4,000 ne kowa ya biya naira 500. Miliyan 2 ke nan. Wannan kuɗi ba zai sayi bas mai lafiya ba, balle mai da albashin direba. To wanda ya yi alkawarin bas ya riga ya yi ƙarya tun kafin ya sauka daga dandamali. Ga yadda za a iya rubuta wannan sashe:

"'Yan uwana ɗalibai, in kowa ya biya, naira miliyan 2 za ta shigo asusunmu bana. Dubu 600 za su tafi kan darussan bita da buga tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Dubu 500 za mu ajiye don ɗalibin da rashin lafiya ta kayar cikin dare. Dubu 400 na fitilun sola ne a wuraren karatu, dubu 300 na makon ɗalibai, dubu 200 na ofis. Ranar Juma'ar ƙarshe ta kowane wata, ma'aji zai manna lissafin abin da aka kashe a allon sanarwa, in sha Allahu."

A lura, kowace jimla tana da adadi, ko rana, ko wanda zai yi. Ɗalibar da ke zaune a layin baya za ta iya haɗa kuɗin a wayarta ta ga sun cika miliyan 2.

Gida na biyu shi ne abin da ke hannun hukumar makaranta: ruwa da wuta a ɗakunan kwana, jadawalin jarrabawa, wa'adin rajista. Shugaban ɗalibai ba shi da hannu a kasafin makaranta. Abin da yake da shi ƙafa ce da baki, wato ikon shiga ofishin kula da harkokin ɗalibai da ganin shugaban makaranta. Don haka kalmar da ta dace ita ce "za mu kai", sannan a ɗaure ta da lokaci: za mu kai buƙatar a rubuce cikin mako biyu, kuma duk amsar da aka ba mu, ko "a'a" ce, za mu karanta muku ita a taro na gaba. Wannan alkawari yana iya cika shi ko an biya buƙatar ko ba a biya ba.

Gida na uku ya fi wuya, domin a nan zuciyar masu sauraro take. Ɗalibin da zai koma Shinkafi ko Zurmi bayan jarrabawa ya san halin da hanya take ciki, iyayensa ma ba su samun natsuwa sai ya iso. Babu shugaban ɗaliban da zai iya kawo tsaro a hanyar. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, ba kuma wanda ya nemi shawarar ƙungiyar ɗalibai. Jawabi na gaskiya zai ce wannan ya fi ƙarfinmu, sannan ya nemo ɗan abin da ke cikin ikonsa: a roƙi a gama jarrabawar ranar ƙarshe da hantsi don kowa ya kama hanya da rana, a yi magana da shugabannin tasha su tanadi motocin safe, a rubuta sunan duk wanda ya shiga kowace mota, a kuma nemi sassaucin rajista ga wanda hanya ta tsare.

Haka batun kuɗin makaranta. A 1978 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta tayar da zanga-zanga kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na kullum. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar. Ba muna cewa ɗalibai su yi shiru a kan haƙƙinsu ba. Muna cewa jimlar "ko da tsiya sai an rage" tana da farashi, kuma ba marubucin da ya ƙawata ta ne zai biya ba.

Wani zai ce irin wannan jawabi ba ya jawo tafi, kuma ai an riga an yi manyan alkawura a kamfe. Gaskiya ne tafin zai ragu. Amma ranar rantsuwa ita ce dama mafi arha ta janye magana. Shugaban da ya ce "na yi muku alkawarin bas, na duba asusu na ga ba zai yiwu ba" zai sha gunaguni na yini ɗaya. Wanda ya maimaita alkawarin kuwa zai shekara yana canza hanya in ya hango taron ɗalibai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In mun gama rubutu, mu bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: a ƙarshen shekara, ta yaya ɗalibi zai gane an cika wannan ko ba a cika ba? "Za mu yi iya ƙoƙarinmu" da "za mu ciyar da ɗalibai gaba" ba su da amsa, sai a goge su. Gaisuwar manyan baƙi kada ta wuce minti ɗaya cikin biyar. A ware jimla ɗaya ga waɗanda suka faɗi zaɓe, da aiki takamaimai da za a gayyace su a kai. Sannan mu ba shugaba shawara ya manna jawabin a allon sanarwa washegari. In ya ji tsoron yin haka, akwai sauran abin gogewa.

Allah Ya sa mu dace.