Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi: Famfo Ba Ya Mutuwar Fuju'a

 Ni mai gyaran rijiyar burtsatse ne, kuma galibi ba a kirana sai injin ya riga ya ƙone, mata da yara sun koma layin 'yan garuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, injin nan kan yi makonni yana kuka kafin ya mutu, ba mai saurare.

Kukan nasa awo biyu ne. Na farko, a tara jarka mai lita 25 a bututun da ke hawa tanki, a duba agogo. Na biyu, a maƙala mitar auna amfiya a waya ɗaya daga cikin masu kai wuta ga injin. Waya ɗaya fa. In aka haɗa biyu, sifili za ta nuna. A rubuta duka a littafi kowane mako.

Ga abin da na gani a unguwarmu. Da sanyi jarka na cika cikin daƙiƙa 30, wato lita 3,000 a awa, injin yana jan amfiya 6. Da bazara ta kama, sai ta koma daƙiƙa 45, amfiya ta sauka 4, bututu yana tofar da iska kamar mai tari. Ruwa ya ragu, wuta ma ta ragu: injin bai samu abin ɗagawa ba ke nan, ruwan ƙasa ya ja baya. Ruwan kuwa shi ke sanyaya motar injin, in ta ci gaba da juyawa a bushe ƙonewa za ta yi. Muka rage bawul, muka riƙa hutar da shi da rana, daga baya muka ƙara bututu ya nutse sosai. Har yau yana aiki.

Da a ce ruwan ya ragu amma amfiya ta hau, sai in zargi yashi ya shaƙe farfelar, ko wutar ta yi rauni. Injin mai volt 230 ba ya jure ƙasa da volt 207 na dogon lokaci. In amfiya na nan yadda take amma ruwa ya ragu, a nemi ɓula a bututun cikin rijiya. Mai sola kuwa a auna shi da tsakar rana kullum, bayan an goge ƙurar hunturu daga faifan, in ba haka ba awon zai yi ƙarya.

Ranku ya daɗe, kada ku karɓi rijiya daga ɗan kwangila sai ya rubuta awon ranar farko, domin da shi ake gwada na baya. Ku ba kowane mai kula da famfo mita da littafi, a koya masa aunawa ba tare da taɓa tsirarar waya ba, sannan injiniyanku ya riƙa duba littattafan nan duk wata, tun bazara ba ta shigo ba.

Wassalam.