"Ya yi kyau" ba gyara ba ne

Wani abokina ya turo mini shafi 40 na tarihin rayuwarsa, ya ce in duba. Na san abin da yake son ji: "Wallahi ya yi kyau." Haka muke yi wa juna a fada, kuma a ganina wannan guje wa aiki ne, ba kara ba.

Sai na karanta sau biyu. Na farko ban riƙe bik ba. A na biyu na sa alama iri biyu kawai: inda hankalina ya gudu, da inda na so ƙari. Kuskuren rubutu kuwa ban taɓa ba, lokacinsa bai yi ba.

Shafi 12 ya ɓata yana jero lakkol da sunayen malamai. Amma yunwar 2005, da ta same shi yana yaro a wani ƙauyen Maraɗi, layi ɗaya ya ba ta: "Mun sha wahala."

Ban ce masa wurin ya yi rauni ba. Muna shan shayi na ce: "Aboki, me kuka ci a lokacin?" Ya yi shiru, sannan ya fara ba ni labarin anza, yadda innarsa ke jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Ya yi minti 20 yana magana.

Na ce, to wannan fa, ina yake a takardar? Lakkol ɗin nan shafi biyu ya ishe su.

Ya ɗan ɓata rai. Sati uku bai kira ni ba, sai ga sabon babi ya shigo wayata da asuba.