Tambayoyi uku da lissafi ɗaya kafin a ɗauki yaron shago

Ƙanena yana da shagon kayan masarufi a Madawa. Da ya ce yana neman yaro ɗaya mai taimaka masa, cikin kwana huɗu dosiye 32 suka taru a kan teburinsa, har da na samari daga Buza da Keita. Ba shi da lokacin karanta su, sai ya kawo mini da dare ya ce, "Yaya, kai ne malamin makaranta, ware mini masu takardar birbe." Na ƙi, domin a ganina takardar makaranta ba ita ce farkon abin dubawa a aikin shago ba. Ga abin da muka yi a madadin haka.

Tambaya ta farko: ana iya samun yaron? Muka kira kowace lamba sau biyu, da dare da kuma safe. Takardu tara suka fita, wasu babu lamba ko kaɗan, wasu lambar ba ta shiga. Mun karɓi lambar uba ko ta yaya, saboda rashin waya talauci ne, ba laifi ba.

Ta biyu: zai iya buɗe shago da ƙarfe bakwai, kuma zai zauna duk shekara? A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaro yakan fara aiki lafiya, da damina ta faɗi ya koma gona, ko lokacin cire albasa ya yi ya tafi inda ake biyansa kullum. Muka ajiye takwas, yawancinsu na nesa waɗanda ba su da masauki a gari. Saura 15.

Ta uku: wa zai tsaya masa? Muka nemi sunan babba ɗaya wanda ba mahaifinsa ba, tsohon maigidansa ko malaminsa, wanda za a kira ya amsa. Shida ne kawai suka cika wannan.

Shidan nan muka kira, kowa minti goma, da lissafi guda. Mun ce mace ta sayi kaya na dala 130 da na dala 75, ta miƙo jika biyu. Nawa ne canjinta? In kuma bashi ta ci, me za ka rubuta a littafi? Kuɗin kayan dala 205 ne, jika biyu dala 400 ce, canji dala 195. Amma ƙanena da faran yake rubuta littafinsa, kuma dala ɗaya faran biyar ce, don haka abin rubutawa shi ne 1025. Huɗu sun faɗi canji daidai. Biyu daga cikinsu suka rubuta 205, wanda a littafin nan asarar faran 820 ke nan a ciniki ɗaya. Ɗayan masu wannan kuskure yana da birbe. Wanda aka ɗauka a aji huɗu na sakandare ya tsaya, amma ya yi shekara biyu yana tsare teburin wani mai shayi, kuma mai shayin ya yabe shi da muka kira.

Na san abin da za a ce: wannan tacewa tana iya zubar da yaron kirki. Gaskiya ne. Maraya wanda bai taɓa aiki ba yana iya rasa mai tsaya masa, kuma babu tambayar da ke auna amana. Shi ya sa na ce wa ƙanena ya yi gwajin wata ɗaya da biyan cikakken albashi, yana ƙirga kuɗin aljihun tebur kowane dare a gaban yaron. Duk da haka ta fi abin da muka saba, wato a ɗauki ɗan wanda ya fi yawan zarya, ranar da kuɗi suka ɓace kuma a kasa magana saboda zumunci.

Mu malamai, aikinmu a nan a fili yake. Muna koyar da lissafi da faran cikin Faransanci, kasuwa kuma da dala take magana. Minti biyar a mako na juya dala zuwa faran da faran zuwa dala ba zai rage mana darasi ba. Kuma in tsohon ɗalibin da muka san halinsa ya roƙi ya sa sunanmu, mu yarda, mu ɗauki waya in an kira.

Iyaye kuwa, maimakon zuwa roƙon mai shago, ku zauna da yaron ku duba takardarsa: lamba mai shiga, unguwar da zai kwana, da sunan babba ɗaya da ya san aikinsa. Sannan ku miƙa masa jika biyu ku ce ya ba ku canji.