Murabaha da Mudaraba a Najeriya: Fa'idodi da Illoli

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa a 2011, Bankin Jaiz kuma ya buɗe ƙofa a 2012, 'yan kasuwa suka fara sabawa da yarjejeniyoyi biyu: murabaha da mudaraba, wadda malaman Malikiyya suka fi sani da ƙiradi. Abin da ya raba su da bashin ruwa shi ne wanda zai ɗauki asara idan ta zo.

A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana buƙatar atamfa ta naira miliyan 10. A murabaha, banki zai sayi kayan da kuɗinsa, su shiga mallakarsa, sannan ya faɗa wa ɗan kasuwar nawa ya saya da ribar da ya ɗora. Idan ribar miliyan 1.5 ce, za a biya miliyan 11.5 cikin wata 10, wato naira 1,150,000 duk wata. A mudaraba kuwa, mai jari zai miƙa miliyan 10 ɗin, ɗan kasuwa ya juya su, a raba riba bisa kason da aka amince, misali 60 ga mai juyawa, 40 ga mai jari. Idan an ci miliyan 2, ɗan kasuwa ya ɗauki miliyan 1.2, mai jari ya ɗauki 800,000. Idan aka faɗi ba da sakaci ko ha'inci ba, mai jari ne ya yi asarar kuɗi, ɗan kasuwa ya yi asarar guminsa.

Fa'idodi

Babbar fa'idar murabaha ita ce farashi ba ya motsi bayan an ƙulla ciniki. Ko an yi jinkirin biya, bashin ba ya haihuwa. Tarar da ake ɗora wa mai taurin bashi da gangan sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Kuma da yake kaya ake bayarwa ba tsabar kuɗi ba, da wuya a karkatar da su zuwa biki ko wata hidima.

Ita kuma mudaraba tana buɗe hanya ga mai basirar kasuwanci wanda ba shi da jari, ba tare da bashi ya hau kansa ba. Ta fuskar doka, bankunan nan suna ƙarƙashin Babban Banki da dokar bankuna ta 2020, kowane ɗayansu yana da kwamitin malamai da ke tantance yarjejeniyoyinsa, hukumar NDIC kuma tana da tsarin inshorar ajiya na musamman dominsu.

Illoli

Murabaha tana da sauƙin lalacewa. Idan banki bai mallaki atamfar ba, ya tura kuɗi kawai aka sa hannu a takarda, to an sayar da abin da ba a mallaka ba, kuma miliyan 1.5 ɗin ta zama kuɗin ruwa da aka sauya wa suna. Ana gane hakan da tambaya ɗaya: da kayan sun ƙone a hanya kafin a sayar maka, wa zai yi asara? Idan kai ne, cinikin bai inganta ba. Haka nan, wanda ya biya da wuri ba shi da haƙƙin tilasta a rage masa. Rangwame ganin damar banki ne.

Matsalar mudaraba amana ce. Da yawa daga 'yan kasuwarmu ba sa rubuta shiga da fita, mai jari kuma ba ya iya tabbatar da ribar gaskiya. Shi ya sa bankuna suka fi karkata ga murabaha. Wasu masu jari kuma sukan sharɗanta a lamunce musu uwar kuɗi, ko a riƙa ba su wani adadi tsayayye duk wata, alhali kowane ɗaya daga cikin biyun yana ɓata mudaraba.

Sai batun shari'a idan an saɓa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya da waƙafi. Don haka rikicin banki da abokin hulɗa yakan je babbar kotu, inda alƙali zai fi dogara ga abin da aka rubuta aka sa wa hannu. Sharaɗin fiƙihu da bai shiga takarda ba yana da wuyar karewa a can.

Idan aka auna, fa'idar ta rinjayi illar, muddin an bi matakan yadda suke. Ɗan kasuwa, kafin ka sa hannu ka nemi rasidin da ke nuna banki ya sayi kayan, ka tabbata an rubuta farashin saye da riba daban-daban, a mudaraba kuma ka ga an rubuta kaso ba adadi ba. Sannan ka kai takardar gaban malami da lauya, su biyun.