To Malam, Ina Za Ka Kai Rariya?

Wani ɗan'uwa daga Sundimina ya rubuto yana cewa na zalunce shi a wasan ƙwaƙwalwar makon jiya, wai amsarsa daidai take da tawa amma na ƙi karɓa. Tunda a bainar jama'a ya yi ƙorafin, a nan zan ba shi amsa.

Ga waɗanda ba su gani ba, kalmomi 16 na bayar, a raba su gida huɗu, kowane gida huɗu-huɗu. Amsata ita ce: Gwaram, Buji, Kiyawa da Dutse ƙananan hukumomi ne, taura, kanya, ɗinya da goruba itatuwa ne, turmi, taɓarya, faifai da rariya kayan aikin gida ne, kuka, dariya, ihu da guɗa kuwa sautin da ke fita daga baki.

Malam, kai ka ɗauke Taura ka kai ta cikin ƙananan hukumomi, kuma gaskiyarka, ƙaramar hukuma ce a Jigawa. Ka cike gurbinta da kuka, ka ce bishiya ce. Nan ma ban musa ba. A baki, kukar miya muryarta sauka take yi a gaɓar ƙarshe, kukan yaro kuwa a sama yake tsayawa, amma rubutunmu na boko ba ya nuna wannan bambanci, kuma da gangan na kafa tarkon a wurin. Sai ka tura Dutse wajen turmi, ka ce dutsen niƙa ne. Na ji daɗin wannan ƙwarai, duk da cewa mutumin ƙasar Birnin Kudu, mai Dutsen Mesa da Dutsen Habude a kusa da shi, ya san ba kowane dutse ake niƙa a kai ba.

To, me ya rage a hannunka? Dariya, ihu, guɗa da rariya. Sa wa wannan gida suna mana! Ka ce rariya da dariya amonsu ɗaya. Ihu fa? Guɗa fa? Gidaje uku ka gina, ragowar ka tara su a kango. A wannan wasa, ba a tambayar ko kalma za ta iya shiga wani gida. Abin da ake tambaya shi ne, in ta shiga, duka gidajen huɗu za su tsaya? Shi ya sa ake fara ƙirga wa kowane gida masu neman shigarsa. Gidan sauti huɗu kacal gare shi, don haka kuka ba ta da inda za ta je. Da ta zauna, taura ta koma itatuwa dole, Dutse ma ya koma mazauninsa.

Abu ɗaya na karɓi laifinsa. Na sa wa gidan farko suna "ƙananan hukumomin Jigawa", alhali su 27 ne, har da Taura. Da na rubuta "na Masarautar Dutse", da ban bar maka ƙofa ba, domin Taura a Masarautar Ringim take. Na gyara sunan, amma maki dai ba ka ci ba. In kuma ka samo sunan da zai haɗa rariya da guɗa, turo mini kafin Juma'a, zan janye maganata a nan inda na yi ta.