Kuskuren Da Ba Kuskure Ba Ne

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini takardar darasin ƙididdiga da aka fassara musu zuwa Hausa. Abin da manhajar R ke rubutawa `Std. Error`, an mayar da shi "daidaitaccen kuskure". Tambayarta ɗaya ce: "Yaya, wa ya yi kuskuren, kuma yaya za a gyara shi?" Babu wanda ya yi kuskure sai mai fassarar.

Mu je kasuwar Dawanau. Ka ɗebo buhun masara biyar daga tulin sito ba tare da zaɓe ba, ka auna: kilo 96, 98, 100, 102 da 104. Matsakaicinsu 100. Tazarar kowane buhu daga matsakaicin ita ce 4, 2, 0, 2, 4. Ninka kowace da kanta ka tara, 40 ke nan. Raba da 4, wato adadin buhunan ban da ɗaya, ka sami 10. Wannan shi ne `VAR.S` a Excel, wanda takardar ta kira "bambanci". Amma bambanci tsakanin abu biyu ake yinsa. Nan kuwa warwatsuwar buhu biyar muke aunawa. Lambar da ta ba da 10 in an ninka ta da kanta, kusan 3.16, ita ce warwatsuwar a kilo.

Yanzu mayar da buhunan, ka sake ɗebo wasu biyar. Matsakaicin zai iya zama 101, wani karon 98.5. Sikelinka lafiya lau, lissafinka daidai, ɗibar ce kawai ta sauya. Da za ka yi ta maimaitawa kana rubuta kowane matsakaici, za ka ga yadda suke taruwa kewaye da nauyin gaskiya. Wannan shi ne abin da wasu ke kira "rarraba samfur", sai ka ce rabon zakka. Ni "bazuwar matsakaitan ɗiba" zan ce. Faɗin bazuwar nan kuma shi ake kimantawa da 3.16 / √5, wato kilo 1.41. Sunan da nake ba shi "tangaɗin matsakaici".

Ga abin da muguwar fassara ke jawowa. Ɗalibin da aka ce wa kuskure ne zai koma ya sake duba sikeli. Wanda aka ce wa tangaɗi ne zai tambayi me ke rage shi, kuma amsar ita ce ƙarin buhuna: da ashirin maimakon biyar, tangaɗin ya ragu zuwa rabi, kusan 0.71, alhali warwatsuwar buhunan tana nan yadda take.

Za a ce ɗalibi zai rikice in ya tarar da Turancin a jarrabawa. To, a nuna masa sunan da ke allon kwamfuta sau ɗaya, a ci gaba da koyarwa da kalmar da ke ɗauke da ma'ana. In tawa ba ta yi ba, a kawo wadda ta fi ta. Sharaɗina ɗaya ne: mai fassara ya fara lissafa buhunan nan biyar da hannunsa kafin ya buɗe ƙamus.